Mene ne sikima, kuma me ya sa ake yini ana gardama a kanta a taron tsara rumbun bayanai?

Sabon mai nazarin bayanai da ya shiga taron tsara rumbun bayanai karon farko yakan ji kalma ɗaya tana yawo a bakin kowa: sikima. Wani ya ce sikimar ba za ta ɗauki wannan ba, wani ya ce sai an gyara ta, ga kuma allo cike da akwatuna da layuka. Yawancin sababbi shiru suke yi, suna zaton zancen injiniyoyi ne. Alhali rabin tambayoyin da ake yi a wurin, mai nazarin ne ya fi kowa damar amsa su.

Sikima ita ce tsarin da ke faɗin irin bayanan da rumbu zai karɓa. Tana bayyana teburan da ke cikinsa, da ginshiƙan kowane tebur, da nau'in abin da za a rubuta a kowane ginshiƙi, da yadda teburan ke haɗe da juna. Bayanan kansu ba sa cikinta. Rumbun da ba a shigar da komai ba tukuna yana da cikakkiyar sikima, kamar sabuwar rajistar makaranta da aka ja wa layi aka rubuta kanun shafi amma ba a sa sunan kowa ba.

Wannan salon ajiye bayanai a tebura ya samo asali ne daga takardar da Edgar F. Codd na kamfanin IBM ya wallafa a 1970. Zanen akwatuna da layukan da ake yi a allo kuwa, Peter Chen ne ya fito da salonsa a 1976.

Daga takardar lissafi zuwa tebura

A ɗauki misalin wata makarantar kuɗi da ke son daina amfani da takardar Excel wajen lissafin kuɗin zango. A takardar, kowane ɗalibi yana da layi ɗaya mai ɗauke da sunansa, da ajinsa, da sunan mahaifinsa, da lambar wayar mahaifin, da abin da aka biya.

Uba mai 'ya'ya uku a makarantar zai bayyana sau uku. Ranar da ya sauya lambar waya, akanta na iya gyara biyu ya manta da ɗaya, sai rumbu ya riƙe amsa biyu ga tambaya ɗaya. Shi ya sa a taron za a raba takardar zuwa teburin iyaye, da na ɗalibai, da na biyan kuɗi. Lambar uban za ta zauna a wuri ɗaya tak, kowane yaro kuma ya riƙe lambar shaidar da ke nuna uban nasa.

Lambar shaidar nan ita ake kira babban mabuɗi. Suna ba ya iya wannan aikin, domin ba abin mamaki ba ne a samu yara biyu masu suna iri ɗaya a aji ɗaya.

Ga yadda teburin biyan kuɗi zai iya fitowa a rubuce:

```sql
CREATE TABLE biya (
  id        INTEGER PRIMARY KEY,
  dalibi_id INTEGER NOT NULL REFERENCES dalibai(id),
  adadi     NUMERIC(12,2) NOT NULL CHECK (adadi > 0),
  rana      DATE NOT NULL
);
```

Kowane layi a nan doka ce. `NOT NULL` na nufin ba a barin gurbin babu komai. `REFERENCES` na hana a rubuta biya da lambar ɗalibin da ba ya cikin rajista. `CHECK` kuma yana ƙin karɓar sifili ko abin da ya gaza shi.

Inda tsarin ke karo da gaskiya

Teburin yana da kyau a ido, amma akwai zato a ɓoye cikin layin `dalibi_id`: wai kowane biya na ɗalibi ɗaya ne. Injiniyan da ya rubuta shi bai taɓa zama a ofishin akanta a makon farko na zango ba.

Uban nan mai 'ya'ya uku zai turo Naira 150,000 a lokaci guda ta banki: 60,000 na babba, 50,000 na mai bi masa, 40,000 na auta. Sikimar ba ta da wurin ajiye wannan. Akanta na da zaɓi biyu, kuma duk ba su da daɗi. Idan ya raba kuɗin zuwa layi uku, lissafinsa ba zai yi daidai da takardar banki ba, domin a can shigowa ɗaya ce ta 150,000. Idan kuma ya ɗora duka a kan babban, kwamfuta za ta nuna ana bin ƙannen biyu bashi, ranar korar masu bashi a mayar da su gida, uban ya iso da shaidar biya a wayarsa.

Gyaran shi ne a ɗaure biya da wanda ya biya, sannan a ƙara tebur na huɗu, a ce `rabon_biya`, mai ginshiƙai uku: lambar biyan, lambar ɗalibin, da kason da ya samu. Biyan 150,000 zai zama layi ɗaya, rabonsa kuma layi uku. Tsarin zai kuma ɗauki uwar da ke biyan kuɗin yaro ɗaya kaɗan-kaɗan sau huɗu.

Ko wannan ma yana da iyaka. Dokar `CHECK` ta yau da kullum layi ɗaya take dubawa, don haka ba za ta tabbatar da cewa kaso ukun sun haɗu sun ba da 150,000 ba. Dole a sa wannan binciken a cikin manhajar, ko a rubuta masa umarni na musamman a rumbun, kuma a taron ne ya kamata a yanke wanda zai ɗauki nauyinsa.

A allo, gyaran nan bai wuce minti goma ba. Bayan shekara biyu ana aiki kuwa, sai an rubuta umarnin ƙaura da tsofaffin bayanai, an sauya manhaja da rahotanni, sannan wani ya zauna ya tantance tsofaffin biyan da aka raba da hannu.

Tambayar da ke bankaɗo irin wannan matsalar ba ta buƙatar sanin harshen SQL. A kan kowane layin da ya haɗa akwati biyu a allo, mai nazari ya tambaya ta ɓangarorin biyu: ɗalibi ɗaya zai iya samun biya nawa, biya ɗaya kuma zai iya shafar ɗalibai nawa? Gara ya zo taron da ainihin rasit biyar ko shida, musamman masu wuyar sha'ani, a gwada shigar da su ɗaya bayan ɗaya.

Nau'in ginshiƙi ma abin sa ido ne. Lambar wayar Najeriya tana da alƙaluma 11 kuma da sifili take farawa. Idan aka ajiye ta a matsayin adadi, sifilin zai ɓace, ragowar kuma ya zarce 2,147,483,647, wato iyakar `INTEGER` a PostgreSQL. Rubutu ne ya dace da ita, tunda ba wanda ke tara lambobin waya. Kuɗi kuwa `NUMERIC` suke so, domin `FLOAT` kimantawa yake yi, kwabo na iya zamewa.

Kalma ɗaya, ma'ana fiye da ɗaya

Wani abin da ke rikita sababbi shi ne manhajojin kansu ba su yi ittifaƙi a kan kalmar ba. A PostgreSQL, umarnin `CREATE SCHEMA` yana buɗe wani sashe ne a cikin rumbu inda ake tara tebura, kuma sashen da ake fara samu sunansa `public`. A MySQL, wannan umarnin daidai yake da `CREATE DATABASE`. A Oracle kuma, kowace sikima tana ɗaure ne da asusun mai amfani guda.

Saboda haka idan wani ya ce a saka teburin biya a sikimar kuɗi, sashe yake nufi. Idan ya ce sikimar ba ta yarda da biya ɗaya ga yara uku ba, tsarin gaba ɗaya yake nufi. Inda ba a gane ba, sai a tambayi manhajar da za a gina rumbun a kanta kafin a rubuta komai a takardar bayanan taro.