Me Ya Sa Injin Wanki Mai Ƙofa a Gaba Yake Wari?

Da yawa daga masu injin wanki mai ƙofa a gaba sun san wannan takaici: an wanke kaya, an shanya, amma suna tashin warin rima. Sai uwargida ta ƙara garin sabulu, tana zaton shi ne ya yi kaɗan. Alhali yawan sabulun ne ya haifar da matsalar tun farko.

Irin wannan injin ruwa kaɗan yake sha, don haka ba ya iya ɗauraye sabulun da ya wuce kima, musamman garin wankin hannu mai yawan kumfa. Ragowarsa takan haɗu da maiƙon jiki da zaren tufafi, ta zama wani dafi mai yauƙi da ke mannewa a bayan gangar, inda ido ba ya kaiwa. Ita kuma ƙofar an yi ta ne don kada ko ɗigo ya fita, saboda haka idan an rufe ta bayan wanki, iska ma ba ta shiga. A cikin wannan damshi fumfuna da ƙwayoyin cuta suke hayayyafa, kuma wankin ruwan sanyi ko na digiri 30 ba ya kashe su.

Ki sa yatsa ki buɗe ninkin robar da ta zagaye bakin ƙofar, daga ƙasa. Za ki tarar da ruwa kwance, da baƙin ɗigo-ɗigo, wani lokaci har da gashi ko tsinken ashana. Ki sa safar hannu ki goge wurin da tsumma da bilic da aka sirka da ruwa, ki kuma buɗe ƙananan ramukan da ruwa ke tsiyayewa ta cikinsu. Kada ki taɓa haɗa bilic da ruwan kal, domin suna fitar da iska mai guba.

Daga nan sai durowar sabulu, a zare ta gaba ɗaya a wanke. A ƙasan injin kuma, ta gaba, akwai ɗan murfi da ke ɓoye matatar famfo. A cire wuta, a tara faranti mai faɗi, sannan a kwance ta a hankali, don ruwa mai ɗoyi zai zubo. Bayan an mayar da ita, sai a kunna injin babu kaya a digiri 60 ko 90, ko a zaɓi Drum Clean idan akwai, a riƙa yin haka duk wata.

Idan warin na kwata ne, to ba fumfuna ba ce, tiyon fitar da ruwa ne ke jawo iskar magudana, sai a kira mai gyaran famfo.

Duk wannan aikin banza ne idan ba a sauya hali ba. A rage sabulu, a kwashe kaya da zarar injin ya tsaya, a tsane robar, a bar ƙofa da durowa a ɗan buɗe su sha iska. Amma idan da ƙananan yara a gidan, a kulle ɗakin da injin yake, domin yaro na iya shiga cikin gangar.