Kalmar da Ke Juya Tambayar Adabi

Ɗalibai da dama sun karance *Ruwan Bagaja* na Abubakar Imam tsaf, amma makinsu a jarrabawar adabi ba ya nuna haka. Sau da yawa matsalar tana cikin kalma ɗaya da suka tsallake, wato kalmar umarnin da ke buɗe tambaya. Da zarar ido ya faɗa kan sunan littafi, sai biro ya kama zuba labari tun daga farko. Mai duba takarda kuwa ya san labarin. Abin da yake nema shi ne aikin da aka ce a yi da shi.

A ɗauki wannan tambaya: "Kwatanta halin Alhaji Imam da na Malam Zurƙe ɗan Muhamman." Yawanci ɗalibi zai cika shafi da Alhaji, ya cika wani da Zurƙe, ya ajiye biro. Wannan bayani biyu ne a jere, ba a yi kwatance ba tukuna. Kwatance yana buƙatar ma'aunin da za a ɗora mutanen biyu a kai lokaci guda. A nan ana iya zaɓar wayo, da ramuwa, da manufar tafiya. A wajen wayo da ramuwa sun yi kama, domin duk wanda aka yi wa ƙeta sai ya rama. A wajen manufa suka rabu: Alhaji ya bar gida ne neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, Zurƙe kuwa ba ya ɗauke da irin wannan nauyi. Kowane sakin layi ya ɗauki ma'auni ɗaya, sunayen biyu kuma su fito a cikinsa. In ka duba tsarinka ka ga sakin layin da mutum ɗaya kaɗai ke ciki, ka kauce.

Da tambayar ta ce "tattauna halin Alhaji Imam", aikin ya sauya. Sai ka kawo fuskar da ke nuna jarumtarsa, ka kawo wadda ke nuna yaudararsa, kowace da hujja daga littafin. Mai lura zai ƙara da cewa Alhaji ne da kansa ke ba da labarin, don haka Zurƙe ta bakin abokin hamayyarsa muke jin sa.

"Tantance" ko "auna" ta fi nauyi, domin hukunci take nema. Shin muhimmancin abin da Alhaji ya fita nema ya wanke dabarunsa? Dole ka tsaya a gefe guda, ka faɗi dalili. A ganina nan ne ɗalibai suka fi jin tsoro, sai su lissafo ra'ayoyi su bar tambayar a buɗe.

Saboda haka, ɗalibi, kafin ka tsara komai ja layi ƙarƙashin kalmar umarnin, ka rubuta a gefen takarda abin da take so: ma'auni, fuskoki, ko hukunci. Minti biyu sun isa.