Maganin infuluwenza: wa ya fi amfana, kuma me ya sa awa 48 na farko suka fi muhimmanci

Murar da muka saba da ita a hankali take shiga. Hanci ya fara yoyo, atishawa ta biyo baya, mutum na nan yana harkokinsa har ta wuce. Infuluwenza kuwa farat ɗaya take kayar da mutum: da safe lafiyarsa ƙalau, kafin la'asar zazzaɓi ya rufe shi, ga ciwon kai da ciwon gaɓoɓi, ga busasshen tari da kasalar da ke hana shi tashi daga shimfiɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana kama mutum kusan biliyan ɗaya kowace shekara, tana kuma jawo mutuwar tsakanin 290,000 zuwa 650,000 ta hanyar cutar numfashi. Ƙwayar bairos ce ke haddasa ta, shi ya sa antibayotik ba ya taɓa ta. Tana da nata magunguna, amma amfaninsu ya dogara ne ga wanda aka ba wa da kuma lokacin da aka fara.

Wanda ya fi shahara shi ne oseltamibir, wanda ake sayarwa da sunan Tamifulu tun 1999. Akwai zanamibir da ake shaƙa, da feramibir da ake bayarwa ta jijiya a asibiti, sai baloksabir da ya fito a 2018, wanda ake sha sau ɗaya tak. Tsofaffin magunguna irin su amantadin an daina amfani da su a kan wannan cuta, domin ƙwayoyin da ke yawo a yanzu sun daina jin su.

Dalilin gaggawa yana cikin yadda ƙwayar ke rayuwa. Idan ta shiga hanci da maƙogwaro, sai ta kutsa cikin ƙwayoyin halittar da suka shimfiɗe hanyar numfashi, ta mayar da kowanne wurin hayayyafa. Sababbin ƙwayoyin da suka fito suna maƙale da bangon inda aka haife su, sai wani sinadari da ke jikinsu ya yanke su kamar almakashi kafin su sami damar kama na gaba. Oseltamibir wannan almakashin yake dakushewa. Ba ya kashe ƙwayar da ta riga ta bazu, ba ya kuma gyara ɓarnar da ta riga ta auku. Yaɗuwar kawai yake tsayarwa. Ita kuwa hayayyafar tana kai ƙololuwa ne a kwana biyu zuwa uku na farkon ciwo, daga nan garkuwar jiki ta fara rinjaye. Wanda ya sha a rana ta farko ya tari ƙwayar tana tsakiyar aiki. Wanda ya bari sai rana ta biyar, galibi abin da ke damunsa a lokacin kumburi ne da raunin da ta bari. Daga nan ƙa'idar awa 48 ta samo asali, kuma ana fara ƙirga su daga lokacin da alamun farko suka bayyana.

Ga matashi mai ƙoshin lafiya ribar ba ta da yawa: maganin na rage masa kwanciya da kimanin kwana guda. Hutu da yawan shan ruwa da farasitamol kan ishe shi. Waɗanda maganin ya fi yi wa rana su ne waɗanda infuluwenza ke iya gangarawa huhunsu ta zama limoniya, ko ta tayar musu da ciwon da ke kwance. Su ne ƙananan yara, musamman 'yan ƙasa da shekara 2, da dattawa daga shekara 65, da masu juna biyu har zuwa mako biyu bayan haihuwa. Haka ma masu asma, da masu ciwon zuciya, suga ko ƙoda, da masu raunin garkuwar jiki. Masu sikila ma suna cikinsu, domin ciwon ƙirji mai tsanani na iya biyo bayan infuluwenza a jikinsu. An ga haka a annobar 2009: wani nazari da ya fito a 2014, wanda ya tattara bayanan majinyata fiye da 29,000 da aka kwantar a ƙasashe 38, ya nuna cewa haɗarin mutuwar waɗanda aka fara wa magani cikin kwana biyu ya kai kusan rabin na waɗanda ba a ba su ba. Lura aka yi da abin da ya faru a asibitoci, ba gwaji aka shirya ba, amma sakamakon ya dace da yadda maganin ke aiki.

A ɗauki misalin mace mai cikin wata bakwai. Ranar Litinin da magariba zazzaɓi ya rufe ta, da tari da ciwon jiki, bayan ɗanta ya yi irin wannan ciwo kwana biyu da suka wuce. Awa 48 nata za su cika ranar Laraba da magariba. Abin da aka fi yi a gidajenmu shi ne a ce maleriya ce, a aika kyamis, a jira kwana uku a ga ko magani zai kama, kafin nan lokaci ya ƙure. Abin da ya dace shi ne ta je asibiti Talata da safe a yi mata gwajin maleriya, domin zazzaɓin mai ciki ba a yi masa kintace. Idan gwajin bai nuna komai ba, kuma alamunta da abin da ke yawo a gari sun nuna infuluwenza, likita na iya fara mata oseltamibir ba tare da jiran tabbacin gwaji ba. Ƙa'idar babba ita ce miligiram 75 safe da yamma na kwana 5, wato kafso 10, a kuma shanye su ko da an ji sauƙi a rana ta uku. Shi ne wanda aka fi zaɓa wa masu juna biyu. Tashin zuciya da amai su ne matsalarsa da aka fi gani, shan sa da abinci kuwa yana rage su.

Da a ce ba ta zo ba sai Alhamis, tana haki, ba za a ce ta makara ba. Wanda ciwonsa ya tsananta, ko aka kwantar da shi, ko yake cikin masu haɗari, ana ba shi magani ko da awa 48 sun wuce, domin a irin wannan jiki ƙwayar kan daɗe tana hayayyafa.

Wannan magani na likita ne, saboda adadin yana sauyawa daga mutum zuwa mutum. Na yaro da nauyinsa ake auna shi, na mai ciwon ƙoda ana rage shi. Zanamibir bai dace da mai asma ba, domin yana iya shaƙe masa numfashi. Baloksabir ba a haɗa shi da madara ko maganin ƙarin jini, kuma ba a cika ba mai ciki ba. Yaro mai infuluwenza kada a ba shi asfirin, domin yana iya taɓa hanta da ƙwaƙwalwa. Kuma babu ɗayansu da ke maye gurbin allurar rigakafi ta shekara-shekara.

Ko an fara magani, a ci gaba da lura. Numfashi da ƙyar, ciwon ƙirji, rikicewar hankali, yaro ya ƙi nono ko haƙarƙarinsa na lotsawa idan ya ja numfashi, mai ciki ta ji motsin ɗa ya ragu, duk na komawa asibiti ne nan take. Haka kuma idan zazzaɓi ya sauka sannan ya dawo da tari mai kauri, wataƙila limoniyar bakteriya ce ta biyo baya, kuma a nan ne antibayotik ke da aiki.

Duk gidan da ke da mai ciki, ko jariri, ko dattijo, ko mai sikila, ya riƙe abu biyu: a lura da sa'ar da zazzaɓi ya fara, a kuma kai mara lafiya wurin likita a ranar ko washegari, a gaya masa wannan sa'a.