Daga Bangon Asibiti Zuwa Waya: Yadda Ake Rubuta Taswirar Matakai Ba Tare da Zubar da Reshe Ba

A ƙananan asibitoci da yawa a arewacin Najeriya da kudancin Nijar, za ka tarar da takarda manne a bango, cike da akwatuna da kibiyoyi. Taswirar matakai ce, wadda ke nuna wa ma'aikaci abin da zai yi idan aka kawo masa yaron da ake zargin yana da tamowa. Yawanci da Turanci ko Faransanci aka buga ta. Sai ma'aikaci ya ɗauki hotonta da waya, ya zauna ya mai da ita jerin umarni da Hausa, ya tura wa 'yan sa-kai da ke shiga gidaje. Aikin alheri ne, amma a wannan gaɓar ake yawan yin ɓarna, domin taswira tana da rassa, shi kuwa jeri miƙe yake tafiya.

Siffar kowane akwati tana da ma'ana. Mai siffar ƙwai yana nuna mafari ko ƙarshe. Mai kusurwa huɗu yana nufin a yi wani aiki. Wanda kuma aka tsayar a kan tsininsa, shi ne akwatin tambaya, kuma dole kibiya biyu ko fiye su fita daga cikinsa, kowacce da amsarta. Akwatunan tambayar nan su ne ran taswirar. Mai gaggawa yakan kwafe ayyukan reras, ya bar tambayoyin a bango.

Tun daga ɗaukar hoto ake fara asara. Takardun nan galibi an lulluɓe su da leda, hasken waya ya faɗa kai ya shafe 'yar kalmar "i" ko "a'a" da ke gefen kibiya. Gefen takarda yakan yanke, alhali ta nan ne doguwar kibiya mai komawa baya take bi. Idan an tura hoton ta WhatsApp yana rage kyansa, har a kasa bambance alamar < da ≤. Saboda haka a kashe fitilar waya, a tsaya daidai gaban takardar, a ɗauki hoto ɗaya da ya kama kusurwoyi huɗu, sannan a matso a ɗauki kowane sashe. Idan an ga ɗan da'ira mai harafi a ciki, to taswirar ta ci gaba a wani wuri ko wani shafi, sai a nemo shi. Ƙananan rubutun da ke ƙasa, masu alamar tauraro, su ma cikin umarnin suke.

Kafin a rubuta jimla ko ɗaya, a zana taswirar da hannu a takarda, a ba kowane akwati lamba, a ƙirga tambayoyi da kibiyoyin da suka fita daga cikinsu, a rubuta adadin a gefe. Ga misali daga taswirar tamowa, a taƙaice. Ma'aunan cikinta su ne waɗanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da su, amma wanda zai yi aiki da gaske sai ya bi ta asibitinsu.

1. Yaron ya kai wata 6? Idan ya kai, tafi mataki na 2. Idan bai kai ba, tafi na 8.
2. Danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na daƙiƙa 3. Idan rami ya zauna a duka biyun, tafi na 4. Idan bai zauna ba, tafi na 3.
3. Auna damtsensa na hagu. Ƙasa da santimita 11.5, tafi na 4. Daga 11.5 zuwa ƙasa da 12.5, tafi na 9. Daga 12.5 zuwa sama, tafi na 10.
4. Akwai alamar haɗari, kamar jijjiga, ko amayar da duk abin da ya ci, ko fita hayyaci, ko kumburi har fuska? Idan akwai ko da ɗaya ce, tafi na 8. Idan babu, tafi na 5.
5. Ba shi madarar tamowa a gabanka. Idan ya ci gwargwadon da aka ƙayyade, tafi na 6. Idan ya kasa, tafi na 8.
6. Ba uwa madara da magani, ta dawo da shi bayan mako ɗaya. Idan ta dawo, tafi na 7.
7. Damtsen ya kai 12.5 kuma mako biyu babu kumburi? Idan haka ne, tafi na 10. Idan ba haka ba, koma na 4.
8. Tura shi wurin da ake kwantar da yara. Tsaya nan.
9. Sa shi cikin shirin ƙarin abinci. Tsaya nan.
10. Ba uwa shawarar ciyarwa, ka sallame su. Tsaya nan.

Tambayoyi 6 ne a nan, da mafita 13, domin mataki na 3 yana da mafita uku. Idan ka ƙirga "tafi" da "koma" da ke bin tambayoyi a rubutunka ka samu 12, to reshe ɗaya ya faɗi, sai ka koma ga hoton.

Kalmar "tsaya nan" da ke ƙarshen matakai uku na ƙasa ba ado ba ce. A taswira ido yana ganin cewa babu kibiyar da ta fita, amma a jeri mutum ya saba idan ya gama 8 ya wuce 9. In ba a tsayar da shi ba, zai tura yaro asibiti kuma ya rubuta sunansa a shirin ƙarin abinci. Haka nan mataki na 7 ya ce a koma na 4, bai ce a sake daga farko ba. Da an koma farko, yaron da damtsensa ya ɗan ɗaga zuwa 11.8 sai mataki na 3 ya fitar da shi daga magani alhali bai warke ba. Dole a bi kibiyar da yatsa har inda kanta ya taɓa.

Kuskuren da ya fi ci mini rai shi ne taƙaitawa. Wani zai rubuta, "A auna damtse, idan ja ne a ba da madara," yana ganin ya sauƙaƙa wa mutane. To ga yarinya 'yar shekara biyu, damtsenta 13, tef ya nuna kore, amma ƙafafunta a kumbure. A taswira, kumburin kaɗai ya isa ya sa ta cikin masu tamowa mai tsanani, ko awon damtse ba a jira. A taƙaitaccen rubutun kuwa, gida za a sallame ta. Ban ga sauƙin da ya kai a biya shi da wannan ba.

Shi ya sa gwajin ƙarshe ya zama da yara na ƙage, musamman waɗanda ke bakin iyaka: ɗan wata 5, mai damtse 11.5 cif, mai kumburi a ƙafa ɗaya kawai, wanda ya ƙi cin madara. Mutum ɗaya ya bi hoton, wani ya bi rubutun, kada su leƙa aikin juna. Mai 11.5 cif ya kamata ya ƙare a mataki na 9 a hannun kowannensu. Idan sun saɓa, rubutun ne ke da gyara.

Wani lokaci taswirar ce da kanta ke da giɓi, a tarar da tambaya mai kibiya ɗaya tak. Kada mai rubutu ya cike da tunaninsa. Ya rubuta cewa taswirar ba ta faɗi abin yi a nan ba, ya kai wa shugaban asibitin. Idan za ku tura wa 'yan sa-kai rubutun, ku haɗa musu da hoton asali da ranar da aka ɗauke shi, domin ana sauya ma'aunan nan: kafin 2009 iyakar tamowa mai tsanani santimita 11 ce, sannan aka ɗaga ta zuwa 11.5.