Kuɗin Da Ya Yi Barci A Banki

Da yawa cikinmu mun buɗe asusu tun muna makarantar sakandare, sa'an nan muka manta da shi. Ina so in bayyana muku yadda a ke karɓo irin wannan kuɗi.

Bisa ƙa'idar da Babban Bankin Nijeriya ya fitar a 2024, in shekara guda ta wuce mai asusu bai sa ba, bai cire ba, asusun ya yi barci ke nan. In ya cika shekara 10 yana barci, sai bankin ya miƙa kuɗin ga Babban Banki ajiya. Amma har abada na mai shi ne.

A ce ɗalibi ya bar naira 20,000 tun 2020. Kuɗinsa na nan bankinsa. Sai ya je da katin shaida da lambarsa ta BVN, ya cika takardar farkar da asusu. Ba a biyan ko kwabo. Daga nan ya nemi a rufe, a ba shi abinsa.

In kuwa tun 2012 ne, kuɗin ya wuce Babban Banki. Duk da haka bankinsa zai koma, ya cika takardar neman mayarwa, ya haɗa da shaidar mazauninsa da takardar rantsuwa. Bankin na da kwana 10 na aiki ya bincika, Babban Banki kuma kwana 10 ya biya.

Abin da ya kan kawo jinkiri shi ne sunan da ke katin ya saɓa da na littafin banki. Ku gyara wannan tukuna.