Motar miliyan 6 da aka sayar miliyan 3.2, kuma littafi ya nuna riba

A ɗauki misalin wani kamfanin ruwan leda a Kano da ya sayi motar rarraba kaya a watan Janairun 2020 kan naira miliyan 6. A ƙarshen watan Yunin 2023 aka sayar da ita miliyan 3.2, dillali ya karɓi la'adar naira 100,000. Mai kamfanin zai ce ya tafka asara. Akanta kuwa, in ya san aikinsa, zai ce masa: "Alhaji, ribar naira 600,000 aka samu." Akantan ne ke da gaskiya, domin ba da kuɗin saye ake auna sayar da tsohuwar kadara ba.

Mota, janareta ko injin niƙa ba hajar sayarwa ba ce. Kayan aiki ne da ake mora shekara da shekaru, don haka ake raba tsadarsu a kan shekarun da za su yi aiki. Wannan rabon shi ne raguwar daraja. Tun ranar saye kamfanin ya ƙiyasta motar za ta yi shekara 5, sannan a sami mai saye a miliyan 1. Saura miliyan 5 ke nan, wato miliyan 1 duk shekara. Asusun motar yana nan da miliyan 6 ɗinsa ba a taɓa shi, raguwar kuma tana taruwa a wani asusu na dabam.

A nan ne ake yawan yin tuntuɓe. Littafi ya nuna tarin raguwar miliyan 3 zuwa Disambar 2022, amma motar ta ci gaba da dakon ruwa wata 6 a 2023. Sai an fara rubuta raguwar waɗannan watannin, naira 500,000, kafin a taɓa maganar ciniki. Tarin ya zama miliyan 3.5, darajar motar a littafi ta koma miliyan 2.5. Wanda ya tsallake wannan matakin zai ga riba ta tsaya a 100,000 kawai, kuɗin gudanar da kamfani na shekarar kuma ya fito ƙasa da yadda yake.

Daga nan lissafi ya yi sauƙi. Abin da ya shigo hannu bayan la'ada miliyan 3.1 ne. A cire miliyan 2.5, riba 600,000. Da a ce miliyan 2 ne ya shigo, da asarar 500,000 za a rubuta.

Rubutun kansa yana da layi huɗu, kuma kowanne da aikinsa. A ɓangaren hagu, wanda ke ɗauke da alamar Dr, ana sa miliyan 3.1 a asusun banki, a kuma sa miliyan 3.5 a asusun tarin raguwar daraja, don a share shi gaba ɗaya. A ɓangaren dama, mai alamar Cr, ana sa miliyan 6 cif a asusun motoci, wato ainihin kuɗin saye, sai 600,000 a asusun ribar sayar da kadara. Hagu miliyan 6.6, dama miliyan 6.6. Da asara aka yi, da layin ƙarshe ya koma hagu.

Share tarin raguwar nan wajibi ne. Raguwar ta wannan motar ce, in motar ta bar littafi dole ta bi ta. Idan aka bar ta, za ta riƙa cin darajar sauran motocin da ba ruwansu.

Kuskuren da ya fi muni shi ne akawu ya ga kuɗi sun shigo banki ya zuba su cikin cinikin ruwa na watan. Ciniki ya kumbura, mai kamfani ya ɗauka kasuwa ce ta buɗe, motar kuma tana nan a rajistar kadarori ana cire mata raguwa alhali tana hannun wani. Ƙa'idar IAS 16 ta hana a lissafa irin wannan riba cikin ciniki, wurinta dabam ne. Gano matsalar ba wuya: a ɗauki rajistar a fita harabar kamfani, a bi lambar kowace mota. Wadda ke kan takarda ba ta a fili, a nemo rasidin sayar da ita.

Ita ma ribar 600,000 ɗin ba ta raba wa masu hannun jari da gaggawa ba ce. Abin da take nunawa shi ne an cire raguwa fiye da yadda kasuwa ta rage wa motar, galibi saboda faɗuwar darajar naira ta ɗaga farashin tsofaffin motoci. Tsadar da ta ɗaga tsohuwar ita ce ta ɗaga sabuwa, kuma miliyan 3.1 ba za su kai rabin kuɗin wadda za ta maye gurbinta ba.