Daga Hira Zuwa Jigo: Yadda Ake Tace Maganganun Mutane a Binciken Farko

Ɗalibin da ya yi hira da mutum 12, kowacce ta kusan minti 40, zai iya tashi da shafi sama da 100 bayan ya gama mayar da muryoyin a rubuce. A nan ne da yawa ke cijewa. Wasu sai su tsinto maganganun da suka burge su, su jera su ƙarƙashin tambayoyin da suka yi, su ce sun yi nazari. Wannan jeri ne kawai. Nazarin yana da hanyarsa, kuma wadda ta fi shahara ita ce wadda Virginia Braun ta Jami'ar Auckland da Victoria Clarke ta Jami'ar West of England da ke Bristol suka tsara a wata maƙala a 2006, mai matakai shida. Masu bincike suna kiran aikin kodin, wato liƙa wa kowane guntun magana ɗan gajeren laƙabi, sannan a tattara laƙubban a fitar da jigo.

Don a ga abin a aikace, mu ƙaddara wata ɗaliba ce ke son sanin dalilin da ya sa mata ke fara zuwa awon ciki sannan su daina. Ta yi hira da mata 12 da Hausa, da yardarsu ta naɗi muryoyinsu a waya. Matan da maganganunsu duk misali ne na ƙirƙira domin wannan bayani.

Aikinta na farko shi ne rubuta hirar kalma da kalma, kuma kada ta raina shi, domin sa'a ɗaya ta magana takan ci sa'a huɗu zuwa shida a rubutu. Ta rubuta har da inda mace ta yi shiru, ko ta yi dariya, ko wani ya shigo ɗakin ta sauya magana. Ta cire sunaye, ta sa H1, H2 har zuwa H12, ta kuma sa wa layuka lamba domin ta iya komawa ga kowace magana. Shawarata ita ce ta yi kodin a kan Hausar da aka yi hirar da ita, ko da rahoton da Turanci za a rubuta shi. Idan ta fassara komai tun farko, fassararta za ta nazarta, ba maganar matan ba. Daga baya ta fassara guntayen da za su shiga rahoto.

Kafin ta liƙa laƙabi ko ɗaya, ta karanta hirarrakin duka daga farko zuwa ƙarshe, sau biyu in da hali, da littafi a gefe tana rubuta abin da ya ja hankalinta. Wanda ya tsallake wannan karatu yakan gina komai a kan hira biyun farko, sauran goma ya riƙa cusa su cikin abin da ya riga ya yanke.

Yanzu ga kodin ɗin kansa. A H4 an ce: "Na je sau biyu. Na ukun maigida yana kasuwa, ni kuma ba zan fita bai sani ba. Washegari da ya ce in je, sai aka ce ranar awo ta wuce, sai wani makon. Ga kuɗin abin hawa zuwa da dawowa." Sabon shiga zai rubuta a gefe: matsaloli. Wannan laƙabi bai faɗi komai ba, domin rabin shafukanta za su iya shiga ƙarƙashinsa. Abin da ke cikin guntun uku ne: jiran izinin miji, ranar awo ɗaya tak a mako, da kuɗin abin hawa da ya tafi a banza. Kowanne laƙabi ne mai zaman kansa, kuma babu laifi guntu ɗaya ya ɗauki laƙabi uku. Ga gwajin laƙabi mai kyau: a rufe rubutun hirar, a karanta laƙabin shi kaɗai. Idan an gane abin da matar ta ce, ya yi. Idan sai an buɗe an duba, ya yi faɗi da yawa.

A H7 kuma: "Uwar mijina ta ce ita ta haifi tara ba ta taɓa zuwa awo ba. Ni kuma cikin fari ne, na ji kunyar in yi ta naci." Laƙubba biyu na nan a fili, maganar uwar miji da kunyar cikin fari. Akwai na uku da ba a furta ba amma yana ƙarƙashin maganar, wato ana ganin awo kamar raki ne. An yarda mai bincike ya sa irin wannan laƙabi na fahimtarsa, da sharaɗin ya san cewa nasa ne, kuma zai iya nuna layin da ya ba shi hujja. A H9 wata ta ce ta makara saboda sai da ta gama abincin gida, ma'aikaciya ta daka mata tsawa gaban mutane, ba ta sake komawa ba. Laƙubban su ne aikin gida kafin fita, da tsawa gaban jama'a.

Ba a buƙatar manhaja mai tsada. Akwai NVivo da ATLAS.ti da MAXQDA na kuɗi, akwai Taguette da QualCoder na kyauta, amma hira 12 ba ta fi ƙarfin Excel ba: ginshiƙi ɗaya na lambar hira da layi, ɗaya na guntun magana, ɗaya na laƙabi. Takarda da alƙaluma masu launi ma suna yi. Duk abin da aka yi amfani da shi, ajiya kawai yake yi da jerawa, tunanin na mai bincike ne.

Bayan hira uku ko huɗu, ta tsaya ta buɗe kundin laƙubba. Kowane laƙabi ta rubuta ma'anarsa a jimla ɗaya, da abin da ba ya shiga cikinsa, da misali guda. "Jiran izinin miji" ya ƙunshi inda fita ta dogara da amincewarsa, amma bai ƙunshi inda miji ya yarda sai dai babu kuɗi ba. Amfanin wannan shi ne laƙabi yakan zame ba a lura ba. Abin da ta kira kunya ranar Litinin zai iya komawa tsoron ma'aikata ranar Juma'a, ta ci gaba da zuba su wuri ɗaya. Hanyar ganewa mai sauƙi ce: ta tattara duk guntayen da ke ƙarƙashin laƙabi ɗaya ta karanta su a jere. Idan sun rabu gida biyu, ta raba laƙabin. Idan laƙubba biyu suna ɗauke da magana iri ɗaya, ta haɗe su. Kuma duk sabon laƙabin da ya ɓullo a H9, dole ta koma H1 ta duba ko yana can ta wuce shi.

A ce ta ƙare da laƙubba 45. Mataki na gaba shi ne ya fi kayar da masu fara bincike. Ta rubuta kowane laƙabi a ƙaramar takarda, ta baza su a kan tabarma, ta fara matso da waɗanda ke da alaƙa kusa da juna. Abin da zai fara zuwa mata a rai shi ne tari uku: miji, kuɗi, asibiti. In ta duba da kyau, za ta ga tambayoyinta ne suka dawo mata, domin ta tambayi kowace mace game da miji da kuɗi da asibiti. Waɗannan kanun batutuwa ne, ba su zama jigo ba. Braun da Clarke sun sha nanata wannan bambanci a rubuce-rubucensu na baya. Jigo magana ce da mai bincike zai iya faɗa a cikakkiyar jimla, wani ma ya iya musanta ta.

To ta sake duba takardun. Jiran izinin miji, aikin gida kafin fita, ranar awo ɗaya a mako, tsawa saboda makara, kuɗin abin hawa da ya tafi a banza: waɗannan sun fito daga tari uku daban, amma zare ɗaya ya ratsa su. Jigon shi ne: lokacin mace ba a hannunta yake ba, asibiti kuma ba ya jira. Wannan jimla ta bayyana abin da babu laƙabi ɗaya da ya bayyana shi kaɗai, wato daina awo yana faruwa ne a inda tsarin gida da tsarin asibiti suka yi karo. Har ma ta nuna inda gyara zai yiwu, abin da kan batu irin "miji" ba zai taɓa nunawa ba.

Jigo ba ya tabbata sai an gwada shi sau biyu. Da farko ta karanta duk guntayen da ke ƙarƙashinsa ta ga ko labari ɗaya suke bayarwa. Sannan ta koma hirarrakin gaba ɗaya tana neman wadda ta ƙaryata shi. A ce H2 ta ce mijinta da kansa yake kai ta a babur, amma ta daina zuwa domin "lafiyata ƙalau, me zan je nema?" Jarabar ɓoye wannan mata tana da ƙarfi, kuma ɓoye ta ha'inci ne. Ita ce ke nuna iyakar jigon farko. Idan aka haɗa maganarta da ta uwar mijin H7, jigo na biyu ya fara fitowa: awo na marar lafiya ne, mai lafiya ba ta da abin nema a can. Jigogi uku zuwa biyar sun isa aiki irin wannan. Wanda ya fito da goma sha biyu, laƙubba ne ya ɗora wa sunan jigo.

Za a tambaye ta ko hira 12 ta isa. A 2006 Greg Guest da Arwen Bunce da Laura Johnson sun nazarci hirarraki 60 da aka yi da mata a Ghana da Nijeriya, suka ga mafi yawan laƙubbansu sun riga sun bayyana a cikin 12 na farko. Daga nan adadin ya bazu, amma matan da suka yi hira da su masu kama da juna ne, tambayoyin kuma iri ɗaya. Idan ɗalibarmu ta haɗa matan birni da na ƙauye, masu cikin fari da masu haihuwa bakwai, 12 na iya gazawa. Abin da za ta duba shi ne kundinta: idan hira ukun ƙarshe har yanzu suna kawo sababbin laƙubba masu nauyi, da sauran tafiya.

Wajen rubuta rahoto, kowane jigo ta buɗe shi da bayanin abin da yake nufi, ta kawo guntu biyu ko uku daga mata daban-daban da lambar hirarsu, kuma bayan kowane guntu ta faɗi abin da ya nuna, kada ta bar shi ya yi magana shi kaɗai. Idan takwas cikin 12 sun ambaci izinin miji, za ta iya rubuta hakan, amma kada ta mayar da shi kashi 67 cikin ɗari na matan garin, domin ba a zaɓo su don su wakilci kowa ba. Ta kuma sake duba kowane guntu kafin ya fita: cire suna bai isa ba idan a ciki an ce matar limamin unguwa ce mai tagwaye, domin duk wanda ke unguwar zai gane ta.